Yadda masana ke auna girman aibin manhajar waya

Kafin kamfani ya saki manhaja ko shafin intanet, akwai wani bincike mai arha da ake yi domin gano wuraren da mai amfani zai yi tuntuɓe. Jakob Nielsen da Rolf Molich, 'yan ƙasar Denmark, su suka bayyana hanyar a 1990, kuma a 1994 Nielsen ya tace ta zuwa ƙa'idoji goma da har yau ake aiki da su. Daga cikinsu akwai cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, ta hana shi yin kuskure tun kafin ya auku, in kuma ya auku ta faɗa masa a fili abin da ya faru da yadda zai gyara.

Ba mutum ɗaya ake ba aikin ba. Nielsen ya gano cewa mai bincike guda yakan gano kusan kashi 35 cikin ɗari ne kawai na matsalolin, mutum biyar kuwa sukan kai wajen kashi 75, shi ya sa ake ba da shawarar mutum uku zuwa biyar. Kowa yana zama shi kaɗai na awa ɗaya ko biyu, ya bi manhajar aƙalla sau biyu: na farko don ya san hanyarta, na biyu don ya tsaya a kan kowane shafi. Duk matsalar da ya rubuta sai ya faɗi inda take da ƙa'idar da ta karya. "Bai yi mini ba" ba hujja ba ce a nan.

Mu ɗauki misalin manhajar tura kuɗi. Masu bincike uku sun gama, an haɗa abin da suka rubuta, an sami matsala uku. Ta farko, launin maɓallin turawa shuɗi ne a wani shafi, kore a wani. Ta biyu, idan turawa ta gaza sai kawai a ga "Transaction failed", ba a ce an cire kuɗin ko ba a cire ba. Ta uku, bayan an danna maɓallin turawa babu wata alamar cewa aiki na tafiya, kuma maɓallin yana nan a buɗe, ana iya sake danna shi.

Sai a koma ga awo. Ma'aunin Nielsen daga 0 yake zuwa 4. Sifili na nufin ba matsala ba ce, 1 ta ado ce kawai, 2 ƙarama, 3 babba da ya kamata a gaggauta gyarawa, 4 kuwa bala'i ne da ba a sakin manhaja da shi. Tambaya uku ake yi kafin a ba da maki: sau nawa abin ke faruwa, yaya wuyar tsallake shi idan ya faru, kuma shin da mutum ya gane shi sau ɗaya ya rabu da shi ke nan, ko kullum zai riƙa cin karo da shi?

Bambancin launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, amma bai hana kowa tura kuɗi ba. A ce an ba shi 1, 1 da 0, matsakaicinsa bai kai 1 ba. Saƙon gazawa ya sami 3, 3 da 2, wato kusan 2.7, domin yana jefa mutum cikin zulumi har sai ya je ya duba ragowar kuɗinsa. Maɓallin da ya yi shiru kuwa, shi ne mai hatsarin. Inda sabis ke da ƙarfi ba za a ma lura da shi ba, amma inda sabis ke jan ƙafa, ɗan kasuwa zai jira, ya ɗauka bai dannu ba, ya sake dannawa, kuɗin su fita sau biyu. Wannan ya karya ƙa'ida biyu a lokaci guda, asararsa ta kuɗi ce, kuma ba ya wucewa da sabo. Ya sami 4, 4 da 3, kusan 3.7, don haka shi za a fara gyarawa: a rufe maɓallin da zarar an danna, a nuna cewa ana aiki.

Kowa a keɓe yake ba da makinsa, domin makin mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne, kuma a cikin taro ƙarami yakan bi ra'ayin babba. Haka nan, bai kamata sauƙin gyara ya shiga cikin makin ba, lissafinsa daban ake yi bayan an gama awo.

Hanyar tana da iyaka. Masani mai tsadaddiyar waya a ofis mai intanet mai sauri yana iya ba wancan maɓalli 1 da zuciya ɗaya, don bai taɓa ganin jinkirin ba. A ganina, rahoton da ba a gwada da ƙaramar waya da raunin sabis ba, ba a kuma zaunar da masu amfani na gaske an ga yadda suke yi ba, bai isa a yanke hukuncin sakin manhajar kuɗi da shi ba.