Ƙidayar Masu Kwalara a Douala: Inda Lissafin Poisson Ke Zamewa

A farkon shekarar 2004 kwalara ta ɓarke a Douala, ta yi watanni tana kama dubban mutane, kuma unguwanni masu cunkoso irin New Bell, inda rijiya ke maƙwabtaka da masai, sun ji a jikinsu. A irin wannan lokaci kowane asibiti na aika adadin marasa lafiyarsa mako mako, jami'ai kuma a ofisoshin Bonanjo suna son sanin abu guda: shin ruwan rijiya ne ke ƙara yawan masu kamuwa, kuma da nawa?

Abin da ake ƙirgawa, mutum 0 ko 3 ko 14, ba ya zuwa da rabi, ba ya sauka ƙasa da sifili. Shi ya sa ake amfani da lissafin da ke ɗauke da sunan Bafaranshe Siméon Denis Poisson, wanda ya wallafa shi a 1837. Ana danganta logaridim na matsakaicin adadi da dalilai kamar tushen ruwan sha, a kuma saka yawan jama'ar kowace unguwa, don kada a ɗauka babbar unguwa ta fi haɗari alhali mutane kawai ta fi.

Sai dai Poisson na da sharaɗi mai tsauri. Warwatsuwar alƙaluma, wato matsakaicin murabba'in nisansu daga tsakiya, dole ta yi daidai da matsakaicin kansa. Hakan na faruwa ne idan kamuwar wani ba ta da alaƙa da ta wani. Kwalara kuwa ba haka take ba: rijiya ɗaya ta gurɓace, gida goma sun kwanta a dare ɗaya.

Mu ƙaddara unguwanni takwas masu jama'a daidai, suka kawo waɗannan alƙaluma a mako guda: 0, 1, 1, 2, 2, 3, 9, 14. Jimilla 32, matsakaici 4. A cire 4 daga kowane adadi, a ninka sakamakon da kansa, a tara, za a sami 168. A raba da 7, wato unguwanni takwas ban da ɗaya, warwatsuwa ta zama 24. Poisson ya yi tsammanin 4, ga ninki shida. A wurinsa, samun 14 ko fiye inda matsakaici yake 4 bai kai sau ɗaya cikin dubu goma ba.

Bayan an saka dalilai, ga yadda ake yin wannan gwajin a manhajar R:

```r
m <- glm(adadi ~ rijiya + offset(log(jamaa)),
         family = poisson, data = d)
sum(residuals(m, type = "pearson")^2) / df.residual(m)
```

Amsa kusa da 1 na nufin sharaɗin ya cika. A ce ta fito 6, kuma lissafin ya ba rijiya ƙimar 0.40, wato masu kamuwa sun ninka kusan sau 1.5, da ma'aunin kuskure 0.15. Ƙimar ta fi kuskurenta sau 2.7, sai a ce an sami hujja. Amma dole a ninka kuskuren da tushen murabba'in 6, kusan 2.4, ya koma 0.37. Yanzu ƙimar da ƙyar ta wuce kuskurenta. Wannan ne ya fi damuna: sau da yawa Poisson ba ya karkatar da ƙimar sosai, tabbacin da babu shi yake bayarwa, da shi kuma ake yanke inda za a kai sinadarin kilorin da motar ruwa.

Nan negatif binomiyal ke shigowa, wanda Greenwood da Yule suka yi amfani da shi a 1920 kan haɗurran ma'aikatan masana'antu. Ya yarda cewa kowace unguwa na da nata haɗarin da ba a auna ba, don haka warwatsuwa ta zama μ + μ²/θ, inda μ yake matsakaici. A misalinmu 24 = 4 + 16/θ, ke nan θ ya zama 0.8, kuma ƙanƙantarsa na nuna cunkushewar cutar a wurare kaɗan. Ana gudanar da shi da `glm.nb` daga ƙunshin `MASS`, a kwatanta `AIC` na biyun, a fifita wanda nasa ya fi ƙanƙanta. Ya fi dacewa idan warwatsuwa na hauhawa fiye da matsakaici yayin da unguwanni ke ƙara yawan masu cuta. Idan kuwa ninkin bai canja ba tsakanin manya da ƙanana, `quasipoisson` ya wadatar.

Kafin a sauya, a binciki musabbabin. In an manta da damina a lissafi, alhali Yuli da Agusta a Douala ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, to a saka ta tukuna. In sifili ya yi yawa domin wani asibiti bai aiko rahoto ba, wannan giɓi ne, kada a rubuta shi sifili. Alƙaluman makonni a jere kuma suna jan juna, domin masu cutar wannan mako su ne tushen na mako mai zuwa, kuma negatif binomiyal kaɗai ba ya gyara hakan sai an saka adadin makon da ya gabata a cikin lissafin.