Yadda ake gano kusurwa tsakanin bekta biyu ba tare da ma'auni ba

Mutum biyu suka tashi daga gindin tsamiya ɗaya. Na farko ya tsaya a wurin da ke kilomita 3 gabas da tsamiyar, kilomita 1 arewa. Na biyu ya tsaya kilomita 1 gabas, kilomita 2 arewa. Idan aka ja layi daga tsamiyar zuwa ga kowannensu, digiri nawa ne tsakanin layukan biyu? Lambobin nan huɗu sun isa su ba da amsa, ba sai an je wurin ba.

Kowane layi irin wannan, mai tsawo kuma mai inda ya dosa, shi masana lissafi ke kira bekta, ana zana shi kamar kibiya. Na farkon a = (3, 1), na biyun b = (1, 2). Lambar farko ta gabas ce, ta biyun ta arewa.

Aikin farko shi ne ninkin ɗigo, wanda ake rubutawa a · b. Rubutun da ɗigo a tsakiya ya yaɗu ne daga darussan Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale, waɗanda aka buga a littafi a 1901. A ninka gabas da gabas, arewa da arewa, sai a haɗa: (3 × 1) + (1 × 2) = 5. Abin da ya fito lamba ce kawai, ba kibiya ba.

To me 5 ɗin nan ke faɗa? Tana auna yadda tafiyar mutanen biyu ta dace da juna. A ɗauka an kwantar da kibiya ɗaya a ƙasa, ɗayar ta ɗaga daga gindinta, rana kuma tana tsaka. Idan ta sama ta kwanto, inuwarta a kan ta ƙasa doguwa ce; tana miƙewa inuwar na raguwa, har ta ɓace idan ta tsaya cak. Ninkin ɗigo shi ne tsawon inuwar sau tsawon kibiyar da ke ƙasa. Kosain kuwa shi ke nuna wane kaso na tsawon kibiya ya zama inuwa. Daga nan dokar ta fito:

cos θ = (a · b) ÷ (|a| × |b|)

θ ita ce kusurwar, |a| da |b| kuma tsawon kibiyoyin ne. Dole a raba da su, domin doguwar kibiya kan kumbura lambar ko da kusurwar ba ta canja ba. Ana samun tsawon da dokar Faisagoras: |a| = √(9 + 1) = √10, |b| = √(1 + 4) = √5. Ninkinsu √50 ne, wato kusan 7.071. Biyar a raba da 7.071 ya ba da 0.7071. A kalkuleta sai a danna SHIFT da cos don a samu cos⁻¹, a shigar da lambar: digiri 45.

Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wanda ya ga 0.785 maimakon 45 bai yi kuskuren lissafi ba, kalkuletarsa ce ke kan RAD, ya mayar da ita DEG. Wanda ya ga Math ERROR kuwa ya koma baya, domin kosain ba ya wuce 1, ba ya kuma gaza −1. Galibi an manta da rabawa ne, ko an ɓata lissafin tsawo.

Abin da na fi so ɗalibi ya riƙe shi ne alamar lambar, tun kafin ya taɓa kalkuleta. Idan ninkin ɗigo ya haura sifili, kusurwar ba ta kai digiri 90 ba. Idan ya faɗi ƙasa da sifili, ta zarce 90. Idan sifili ne daidai, digiri 90 ne cif, irin kusurwar da magini ke nema a lungun ɗaki. Gwada (3, 1) da (−1, 3): −3 + 3 = 0. Saboda haka kada a yar da alamar ragi. Yamma da kudu da ita ake rubuta su.

Sharaɗi ne kibiyoyin su fito daga tushe ɗaya. Idan aka juya ɗaya, 45 ta zama 135. Kuma amsar kullum tana tsakanin 0 da 180, ba ta faɗin ko b tana hagu da a ko dama. Idan da tsayin sama a lissafin, kamar katakon rufin ɗaki, sai a ƙara lamba ta uku a ninka ta kamar sauran, dokar ba ta canjawa.

Mai karatu ya gwada (2, 0) da (−1, 1). Idan bai samu 135 ba, ya fara duba alamar ragi.