Girgizar ƙasa ɗaya, ranaku biyu: yadda ake daidaita lokutan da aka kwaso daga intanet

Da misalin ƙarfe 7:58 na safiyar Laraba, 3 ga Afrilun 2024, girgizar ƙasa mai ƙarfi ta afka wa yankin Hualien da ke gabashin Taiwan. A daidai wannan lokaci, mutanen New York suna cikin maraicen Talata, 2 ga wata, agogonsu na nuna 7:58 na dare. A Kano kuwa ƙarfe 12:58 ne na dare, Laraba ba ta daɗe da shiga ba. Abu ɗaya ne ya faru a cikin minti ɗaya, amma kowane gari da irin ranar da ya rubuta.

Ɗan Adam da ke karanta labari ɗaya ba ya damuwa da wannan. Wanda ke shan wahala shi ne mai binciken da ya sa manhaja ta bi dubban shafukan jaridu tana kwaso labarai, don ya jera su ya ga wanda ya riga wani fitowa. Idan ya buɗe abin da manhajar ta tara, minti ɗayan nan zai iya zuwar masa da fuskoki irin waɗannan:

```
03/04/2024 07:58
April 2, 2024 7:58 PM
113/04/03 07:58
2024-04-03 07:58 CST
```

Aikinsa shi ne ya mayar da dukkansu rubutu guda, `2024-04-02T23:58Z`. Wannan shi ne tsarin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988: shekara, sai wata, sai rana, sai awa. Harafin `Z` na ƙarshe yana nufin an auna lokacin da UTC, agogon duniya, wanda na Najeriya da Nijar suka fi da awa ɗaya. Daɗin tsarin shi ne, tunda babban lamba ke gaba, ko jerawar baƙaƙe kawai aka yi, ranakun za su bi juna daidai.

Layi na uku shi ya fi tsoratarwa a ido, amma ya fi sauƙi. Hukumomin Taiwan suna ƙirga shekara ne daga kafuwar jamhuriya a 1912, saboda haka a ƙara 1911 a kan 113, sai 2024 ta fito.

Layin farko ne mugu, duk da kamanninsa na salihi. Mu da Ingila rana muke fara rubutawa, don haka `03/04` a wurinmu 3 ga Afrilu ne. Ba'amurke da wata yake farawa, a wurinsa 4 ga Maris ke nan. Babu abin da ke jikin rubutun da zai raba gardama. Akwai sanannen kayan aiki a harshen kwamfuta na Python mai suna `dateutil`, wanda ke karanta kusan kowane irin kwanan wata aka miƙa masa, kuma idan ba a yi masa bayani ba, wata yake ɗauka farko. Zai mayar da girgizarmu 4 ga Maris, kusan wata guda kafin ta faru, ba tare da ya yi ko tari ba. Abin da ya fi muni, idan ya ci karo da `13/04/2024`, sai ya lura babu wata na 13, ya juya da kansa ya karanta daidai. Sakamakon haka, daga ranar 13 zuwa ƙarshen wata komai lafiya lau, ranaku 12 na farko kuwa a birkice suke, in ban da 4 ga Afrilu da ta dace ta kowace fuska. Wanda ya duba layuka kaɗan ya ga sun yi kyau sai ya wuce.

Ana gane wannan ɓarna ta hanyar ƙirga labaran kowace rana. Idan labaran Afrilu kaɗai aka kwaso, amma sai ga wasu a 4 ga Janairu, 4 ga Fabrairu, har zuwa 4 ga Disamban da bai zo ba, to rana da wata sun yi musanyar wuri.

Saboda haka, a ganina, bai kamata a bar na'ura ta yi canke ba. Kowace jarida tana da salonta, kuma ba ta cika sauya shi ba. Sai a nemo kwanan wata guda daga gare ta wanda ranarsa ta haura 12, a gane tsarinta, a rubuta mata ƙa'ida ta kanta tare da sunan yankin da agogonta ke bi:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo
t = datetime.strptime("03/04/2024 07:58", "%d/%m/%Y %H:%M")
t = t.replace(tzinfo=ZoneInfo("Asia/Taipei"))
print(t.astimezone(ZoneInfo("UTC")).isoformat())
```

Amsar da za ta fito ita ce `2024-04-02T23:58:00+00:00`, kuma `+00:00` da `Z` ma'anarsu ɗaya. A lura da matakan: an faɗa wa na'ura rana ce farko, an liƙa wa lokacin yankinsa, sannan aka juya shi zuwa UTC. Idan wata rana jaridar ta sauya salo ta aiko da `04/13/2024`, wannan ƙa'ida za ta tsaya cak ta nuna kuskure. Hakan ake so, domin kuskuren da ya yi ihu ana gyara shi nan take.

Me ya sa aka rubuta `Asia/Taipei` maimakon gajeren suna? Layi na huɗu ne amsar. `CST` sunan agogon China da Taiwan ne, mai gaban UTC da awa 8, kuma shi ne sunan agogon tsakiyar Amurka, mai bayan UTC da awa 6. Wanda ya ɗauki na Amurka ya ɗaga girgizar da awa 14. Ko lamba tsagwaronta ba ta isa ba, domin wasu ƙasashe suna matsar da agogonsu. New York tana bayan UTC da awa 5 a lokacin sanyi, amma daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, awa 4 ne. A 2024 sauyin ya zo ranar 10 ga Maris, don haka 7:58 na dare a layi na biyu awa 4 za a ƙara masa, ya ba da 23:58. Mai ƙara 5 zai tsallaka da labarin zuwa wata ranar. Mu da agogonmu ba ya motsi duk shekara, nan ne muka fi saurin faɗawa. Gwamnati ma takan sauya agogo dungurungum, kamar yadda Sudan ta koma daga awa 3 zuwa awa 2 a gaban UTC ranar 1 ga Nuwamban 2017. Sunaye irin su `Africa/Khartoum` da `America/New_York` suna fitowa ne daga kundin da hukumar IANA ke kula da shi, wanda ya adana tarihin waɗannan sauye-sauye, shi ya sa yake sanin lissafin da ya dace da kowace rana.

Akwai wani tarko ƙarami. Jarida takan ba da rana kawai babu awa, na'ura kuma sai ta cike gurbin da `00:00`. Idan aka juya tsakar daren 3 ga Afrilu na Taipei zuwa UTC, zai koma ƙarfe 4 na yammacin 2 ga wata, lokacin da babu wanda ya taɓa faɗa. Alamarsa ita ce labarai su yi cincirindo a kan awa ɗaya tak. Irin waɗannan a bar su a matsayin rana kawai, a yi musu shaida cewa ba a san awarsu ba.

Ƙwararru suna ajiye abubuwa huɗu ga kowane labari: rubutun asali yadda aka same shi, yankin da aka ɗauka nasa ne, lokacin da aka kwaso shi, da sakamakon UTC. Lokacin kwasowa shi ke warware rubutu irin `2 hours ago`, wanda ba shi da ma'ana sai an san yaushe aka gan shi. Rubutun asali kuwa shi ne mafita ranar da aka gano an yi wa wata jarida ƙa'idar da ba tata ba, domin sai a gyara ƙa'idar a sake lissafi daga tushe, ko da jaridar ta riga ta goge labarin daga shafinta.