Idan Bashin Shekara Ɗaya Ya Fi Na Shekara Goma Tsada

Malamin da ke koyarwa a Kontagora ba lalle ne ya taɓa ganin takardar lamunin gwamnati ba, amma kaso mai yawa na kuɗin fanshonsa a cikinta yake kwance. A cikin gida, Gwamnatin Tarayya tana cin bashi ta manyan hanyoyi biyu. Babban Bankin Nijeriya yana sayar mata da takardun baitulmali na kwana 91, 182 da 364, Ofishin Kula da Basussuka kuma yana sayar da takardun lamuni masu dogon zango, wasu har shekara talatin. Idan aka jera wa'adin a takarda daga gajere zuwa dogo, aka ɗiga ribar kowanne a samansa, sannan aka haɗa ɗigon, layin da ya fito shi masana ke zuba wa ido.

A al'ada layin hawa yake yi, domin wanda zai rabu da kuɗinsa shekara goma ya fi mai wata uku shiga haɗari, dole a ƙara masa. Wani lokaci yakan kwanta, ribar ta zo kusan ɗaya. Wani lokaci kuma sai ya kife, gajeren bashi ya fi dogo riba.

Kifewar nan lissafi ne. A ce takardar shekara ɗaya tana ba da kashi 26 cikin ɗari, amma masu kuɗi sun yi ittifaki cewa baɗi ba za ta wuce kashi 18 ba. Mai son ajiya ta shekara biyu zai yarda da kusan kashi 22, tsakatsakin biyun, tunda abin da zai samu ke nan ko da ya sayi ta shekara ɗaya sau biyu. Ke nan layin da ya kife yana cewa kasuwa na sa ran kuɗin ruwa zai sauka. Babban banki kuwa yakan sauke shi ne idan harkoki sun yi sanyi, kamfanoni sun fara sallamar ma'aikata. Ga kuma bankuna: ajiya ta ɗan lokaci suke karɓa su ba da rance mai tsawo, idan ratar ta rufe sai su ƙanƙame hannu.

A Amurka aka fi gwada wannan alama ta zuwan koma bayan tattalin arziki. Campbell Harvey ya yi nazarinta a 1986, kuma layin ya kife a 2000 da 2006 da 2019, kowanne koma bayan tattalin arziki ya biyo baya, galibi bayan wata shida zuwa shekara biyu. Sai dai ya sake kifewa a Yulin 2022, ya daɗe fiye da shekara biyu a haka, bai zo da komai ba.

Namu layin ya kife a 2024. A Fabrairun shekarar Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75, kafin ƙarshen Nuwamba ya kai 27.5. Takardar kwana 364 ta haura kashi 20. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin adadin da ake sanarwa ragi ne, ba riba ba. Idan ragin kashi 21 ne, takardar naira miliyan ɗaya za ka biya kusan 790,000, bayan shekara a ba ka miliyan cif. Raba 210,000 da 790,000, ribar gaskiya ta haura kashi 26. Wannan ake kwatantawa da takardar shekara goma, wadda a lokacin take yawo a kusa da kashi 20. Wanda bai yi wannan lissafin ba zai ɗauka layin a kwance yake.

To, koma bayan bai zo ba, tattalin arzikin ya ƙaru da sama da kashi 3 a shekarar. A ganina dalilin a fili yake. Da gangan Babban Banki ya tsawwala gajeren bashi don ya rage hauhawar farashi da ta wuce kashi 30, ya kuma jawo masu dala. Dogayen takardun kuwa kamfanonin fansho na sayensu ko ta halin ƙaƙa, wannan ya danne ribarsu. Koma bayan da muka sha a 2016 da 2020 faɗuwar farashin ɗanyen mai da annobar korona ne suka kawo shi, abubuwan da ba a karanta su a wannan layi.

Amma ɗan kasuwar masara a Kontagora ya ji a jikinsa. Bankin da gwamnati za ta ba shi kashi 26 ba tare da fargabar mahara ko ƙarancin damina ba, me zai kai shi bai wa mai son cika sito da kaka rance, in ba a kan kashi 30 ko fiye ba?