Abin da ke faruwa a cikin batirin waya, da abin da ke tsofar da shi

Wayar da take kai mutum daga asuba zuwa bayan isha'i da caji ɗaya lokacin da take sabuwa, bayan shekara biyu sai ka ga kafin la'asar ta fara kukan caji. Wani lokaci ma tana nuna saura kashi 20, da an buɗe kyamara sai ta mutu. Mutane kan ɗora laifin a kan caja, ko wutar janareta, ko su ce an sayar musu da jabu. Duk waɗannan suna faruwa, amma ko da wayar ta asali ce kuma an riƙe ta da kyau, batirinta zai tsufa, domin tsufan yana cikin yadda aka gina shi. Abin da ke hannun mai waya shi ne saurin tsufan, kuma a ƙasashenmu masu zafi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kusan duk wayoyin yau suna amfani da batirin lithiyam. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikin da ya haifar da shi. Idan aka warware batirin waya a ɗakin gwaji, ba za a ga wani abin mamaki ba: dogayen fallaye ne sirara da aka naɗe ko aka jera. Falle ɗaya na alminiyam ne, an shafe shi da wani sinadari da ya haɗa lithiyam da kobal da iskar oksijin. Ɗayan na jan ƙarfe ne, an shafe shi da garafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. A tsakaninsu akwai wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, mai ƙananan huji, wadda ke hana fallayen biyu taɓa juna. Duka an jiƙa su da wani ruwan sinadari mai ɗauke da gishirin lithiyam.

Kowane ƙwayar zarra ta lithiyam tana da ilaktaron guda a bayanta wanda take saki cikin sauƙi, kuma tafiyar ilaktaron a cikin waya ta ƙarfe ita ce wutar lantarki. Lithiyam ya fi samun natsuwa a ɓangaren kobal. Idan aka jona caja, sai ta tilasta masa barin wurin: ƙwayoyin lithiyam su fita, su ratsa ruwan da hujin ledar, su shige tsakanin zanen garafait su zauna. Su kuwa ilaktaron ba sa iya bin wannan ruwa, dole su zagaya ta waje, ta hanyar da caja ta buɗe musu, su haɗu da lithiyam ɗin a can. Ana iya kwatanta wannan da tura ruwa zuwa tankin da ke saman gida. Injin ya kashe ƙarfi ya ɗaga ruwan, ƙarfin yana nan a ajiye cikin tsayin da ruwan ya hau, kuma da an buɗe famfo zai gangaro da kansa. Haka idan aka cire caja aka fara aiki da waya, lithiyam yana komawa ɓangaren kobal ta cikin ruwan, ilaktaron kuma suna komawa ta cikin injin wayar, a hanyarsu suna haska gilashi, suna motsa lasifika, suna aika saƙo zuwa turken sadarwa.

Saboda haka caji ba ya zuba wani abu sabo a cikin batir. Lithiyam ɗin da aka rufe a ciki tun daga masana'anta shi ne ke kai da komowa har ƙarshen rayuwar batirin. Adadin da aka rubuta a kwali, misali 5000 mAh, yana nuna yawan cajin da wannan lithiyam zai iya ɗauka a tafiya guda. Idan aka ninka shi da matsakaicin ƙarfin batirin, kamar bolt 3.85, za a samu kimanin wat 19 na tsawon awa ɗaya, abin da zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 na kusan awa biyu. Wannan ne duk arzikin wayar da mutum ke yini da ita.

To, daga ina tsufa ke shigowa? Ruwan da ke cikin batirin ba ya jituwa da garafait mai cike da lithiyam. Tun cajin farko a masana'anta, kaɗan daga cikin ruwan yana ruɓewa a fuskar garafait ɗin, ya bar wani ɗan siririn ɓawo. Wannan ɓawo yana da amfani, domin yana barin lithiyam ya wuce amma yana kare sauran ruwan daga lalacewa. Matsalar ita ce da lithiyam ake gina shi, kuma ba ya daina kauri. Duk lokacin da aka yi caji, garafait yana kumbura da kimanin kashi 10 cikin 100, idan cajin ya sauka kuma ya motse. Wannan kumburi da motsewa suna tsattsaga ɓawon, ruwan ya sake taɓa garafait, sabon ɓawo ya fito, ya cinye wani lithiyam. Wanda ya shiga ɓawo ya shiga ke nan, ba zai sake ɗaukar caji ba. Wannan shi ne babban dalilin da batir ke raguwa.

Masu ƙera waya suna auna wannan da zagaye. Zagaye ɗaya shi ne a yi amfani da abin da ya kai kashi 100 na batirin, ko da ba a lokaci guda ba: kashi 60 yau da kashi 40 gobe sun zama zagaye ɗaya. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace shi an tsara su su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000, idan yanayi ya yi daidai. Wanda ke cinye cikakken caji kowace rana zai cika zagaye 500 cikin shekara ɗaya da wata huɗu da 'yan kwanaki. Batirin 5000 mAh da ya sauka zuwa kashi 80 ya zama na 4000. Wayar za ta ci gaba da nuna kashi 100 idan ta cika, amma 100 na 4000 ne.

Akwai lalacewa ta biyu da mutane ba su cika sani ba, kuma ita ce ke jawo mutuwar farat ɗaya. Yayin da ɓawon ke kauri, kuma ƙwayoyin ɓangaren kobal suna tsagewa, lithiyam yana shan wahalar wucewa. Wannan turjiya, wadda ake aunawa da om, tana cinye wani ɓangare na ƙarfin batirin duk lokacin da aka ja wuta, kuma iya yawan wutar da aka ja, iya yawan abin da take ci. Mu ɗauki misali. A ce batir yana kashi 20, ƙarfinsa bolt 3.7, wayar kuma tana buƙatar aƙalla bolt 3.3 don ta ci gaba da aiki. Aka buɗe kyamara, wayar ta ja amfiya 2. Sabon batir mai turjiyar om 0.1 zai rasa bolt 0.2, ya sauka zuwa 3.5, aiki ya ci gaba. Tsohon batir da turjiyarsa ta kai om 0.25 zai rasa bolt 0.5, ya faɗi zuwa 3.2, sai wayar ta kashe kanta. Cajin yana nan, amma batirin ya kasa fito da shi da saurin da ake so. Shi ya sa idan aka sake kunna wayar sau da yawa akan tarar tana nuna saura kaɗan.

Abubuwa biyu ne suka fi hanzarta duk wannan, zafi da daɗewa a cike, kuma idan suka haɗu ɓarnar ta fi yawa. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa irin waɗannan haɗuwar sinadarai suna ninka sauri idan zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10. Masu ƙera waya kan ba da shawarar a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ƙara da zafin da caji ke haifarwa da kansa, da na kallon bidiyo ana cikin caji, da riga mai kauri da aka sa wa wayar. Shi kuma cikakken caji, wanda a wayoyin zamani yakan kai bolt 4.4, yana barin ɓangaren kobal ya rasa lithiyam mai yawa, ya shiga cin ruwan da ke kusa da shi. Wayar da ta cika tun tsakar dare, ta kwana jone ƙarƙashin filo a ɗaki mai zafi, ta tara duka biyun.

A ganina nan ne ya kamata a sa hankali, fiye da gardamar wace caja ce ta fi. Na san inda wuta ba ta tsayawa, ko inda sai an biya kuɗi a shagon caji, ba wanda zai cire wayarsa a kashi 80, kuma babu laifi a cika ta idan za a yi amfani da cajin nan take. Amma a nema mata inuwa da iska lokacin caji, a cire mata riga idan tana zafi, kada a bar ta a gaban gilashin mota, kada a jibge ta cikin tarin wasu wayoyi masu zafi. Wanda ke da wuta a kai a kai ya duba saitin batir, domin wayoyi da yawa yanzu suna da zaɓin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, ko jinkirta cikawa zuwa asuba. Shawarar nan ta cewa sai batir ya mutu gaba ɗaya kafin a sa caji ta zamanin batirin nikel ce, ba ta amfanar lithiyam, yawan saukar da shi zuwa sifili ma yana ƙara masa wahala. Wayar da za a ajiye na watanni a bar ta da kimanin rabin caji, a wuri mai sanyi.

Sanin inda batir ya kai ba shi da wuya. A iPhone, shafin Battery Health da ke cikin Settings yana nuna kashin da ya rage, wasu wayoyin Android ma suna da irinsa. Idan ya sauka ƙasa da 80, ko wayar tana mutuwa da sauran caji, sauya batir ya isa, ba sai an sayi sabuwar waya ba. Alama guda ce ba a jinkiri da ita, wato kumburi. Ruɓewar ruwan ciki tana fitar da iskar gas, batirin ya kumbura har ya ɗaga gilashi ko murfin baya. Ruwan nan yana kama wuta, kuma idan ledar tsakiya ta huje fallayen biyu suka haɗu, batirin na iya ƙonewa cikin daƙiƙoƙi, kamar yadda ya faru da Galaxy Note 7 a 2016 har kamfanin Samsung ya janye ta daga kasuwa. Duk wanda ya ga wayarsa ta kumbura ya daina yi mata caji, kada ya danne ta ko ya huda batirin, ya kai wa mai gyara ya cire, kuma kada a jefa tsohon batirin cikin sharar da za a ƙona.