Neman lamba a jerin da aka yanke aka juya

A ce kana da rasidai bakwai jere daga ƙaramar lamba zuwa babba. Wani ya ɗebi na farko-farko ya mayar da su ƙarshe, kamar yadda ake yanka karta, bai kuma gaya maka inda ya yanka ba. Sai jerin ya koma 40, 50, 60, 70, 10, 20, 30. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun san wannan tambaya sarai, don akan yi musu ita a jarrabawar ɗaukar aiki: ta yaya za a gano lamba ba tare da an bi jerin ɗaya bayan ɗaya ba?

Da jerin bai taɓu ba, dabarar binary search ta wadatar. Ka duba lambar tsakiya, idan abin da kake nema ya fi ta ƙanƙanta ka yi hagu, idan ya fi ta girma ka yi dama. Kowane dubawa yana zubar da rabi, shi ya sa lamba miliyan ɗaya ba ta cin fiye da dubawa 20. Amma a nan sai ta ɓatar da kai. Kana neman 10, ka ga 70 a tsakiya, ka yi hagu, alhali 10 tana dama.

Abin da ke ceton mutum shi ne wuri ɗaya tak jerin ya karye. Duk inda ka raba shi biyu, dole ɓangare ɗaya ya kasance lafiya lau, kuma gane shi ba wuya. Kwatanta lambar farko da ta tsakiya: 40 ba ta fi 70 ba, ke nan hagu a jere yake. Shin 10 tana tsakanin 40 da 70? A'a. To a watsar da hagu gaba ɗaya. Saura 10, 20, 30. Tsakiya 20 ce, hagu ya sake zama a jere, 10 kuma tana cikinsa. A dubawa na uku an same ta. Da lambar farko ta fi ta tsakiya girma, da karayar tana hagu, sai a yi wa dama wannan tambayar.

Kuskuren da na fi gani ɗan ƙarami ne: a rubuta `<` inda ya kamata a sa `<=`. Gwada da jerin 30, 10 kana neman 10. Lambar farko ita ce kuma ta tsakiya, sai manhajar ta ɗauka hagu ne ya karye, ta ce babu 10.

Maimaituwar lambobi kuwa ita ke karya lagon dabarar. Dubi 5, 2, 5, 5, 5 da 5, 5, 5, 2, 5. Farko, tsakiya da ƙarshe duk 5 ne, ba abin da zai nuna maka inda 2 take. Sai dai ka cire lamba ɗaya daga kowane gefe ka sake dubawa, kuma idan 5 ɗin sun yi yawa, kana iya ƙarewa da bin jerin kusan duka.