Wa'adin gwaji ya cika: me takardar mai gida za ta ƙunsa?

Shirinmu na wannan mako ya duba takardar da ake ba sabon ma'aikaci idan wa'adin gwajinsa ya zo ƙarshe. Takardar iri biyu ce: ko ta tabbatar da shi a kan aiki, ko ta ƙara masa lokaci. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne, wata uku ya wuce, shida ya wuce, mai gida bai ce uffan ba, yaro kuma kunya ta hana shi tambaya. Sai ranar da aka saɓa, a ce masa, "Ai dama kai gwaji kake." Daga nan rigima ta tashi.

Mu fara da abin da doka ta ce, domin ƙasashen biyu ba ɗaya suke ba. A Jamhuriyar Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta ce dole ne gwaji ya kasance a rubuce. Idan aiki ne na dindindin, wanda ba a yanka masa ranar ƙarewa ba, gwajin ɗan ƙasa da aka ɗauka a cikin gida ba zai wuce wata 6 ba, har da ƙarin da za a yi. A Najeriya kuwa, dokar ƙwadago ba ta yanka tsawon gwaji ba, abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ake bi. Amma sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai gida ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 ya cika da fara aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya su kuma shekara 2 suke yi kafin a tabbatar da su.

Abu guda da ya kamata kowane mai gida ya riƙe: shiru ba ya ƙara wa'adi. Idan ranar ta wuce, ma'aikaci yana zuwa aiki, ana biyansa, ba a ba shi takardar komai ba, to a Nijar an ɗauka ya zama cikakken ma'aikaci. A Najeriya ma kotuna sun sha yanke hukunci cewa wanda aka bari yana aiki bayan wa'adinsa ya wuce da daɗewa, tamkar an tabbatar da shi ne. Saboda haka takardar ƙarin lokaci sai ta isa hannunsa tun kafin wa'adin farko ya cika.

To, mu ɗauki misali. A ce wani kamfanin dakon kaya tsakanin Maraɗi da Katsina ya ɗauki matashi ya kula da sito. Ya fara ranar 1 ga Fabrairu, gwajin wata 3, wanda zai ƙare 30 ga Afrilu. Yaron ba ya makara, ba a taɓa kama shi da rashin gaskiya ba, amma littafin kayansa ba ya daidaita da abin da ke ƙasa. Manaja ya ga a ƙara masa lokaci. Ga abin da aka saba rubutawa: "An ƙara maka wa'adin gwaji saboda aikinka bai gamsar ba. Sai ka ƙara ƙoƙari." Jama'a, wannan takarda ba ta faɗi komai ba. Har yaushe aka ƙara? Me ya gaza? Wane ƙoƙari? Yaron bai san abin da zai gyara ba, manajan ma gobe ba shi da ma'aunin da zai auna shi da shi.

Takardar kirki da rana take farawa. Ta ce gwajin da aka fara 1 ga Fabrairu zai cika 30 ga Afrilu, an ƙara shi da wata 2, daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Yuni. Ka lissafa, wata 5 ke nan gaba ɗaya, bai tsallake iyakar wata 6 ta Nijar ba. Idan a Najeriya ne, sai a duba ko takardar ɗaukar aiki ta ba da damar ƙari tun farko. In ba ta bayar ba, sai da yardar ma'aikacin a rubuce.

Sai dalili, kuma dalilin ya zama abin da za a iya nunawa da yatsa. Misali: "A ƙirgen ƙarshen Maris an sami buhu 212 a sito, littafi ya nuna 220. Da aka bincika, an gano mota biyu sun ɗauki kaya ba a shigar ba sai washegari." Kun ga bambanci? Ba a ce masa malalaci ba, ba a ce ɓarawo ba. An faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru. Ya kyautu kuma takardar ta ambaci abin da ya yi daidai, kamar zuwa a kan lokaci, don ya san ba duka aikinsa ake tuhuma ba.

Bayan dalili sai sharaɗi, kuma kowane sharaɗi ya fito daga cikin dalilin. A nan biyu sun isa: duk kayan da suka shiga ko suka fita a rubuta su a ranar kafin a rufe sito, sannan ƙirgen kowace Asabar ya yi daidai da littafi. Kamfani shi ma ya ɗauki nasa nauyin a rubuce: babban akawu zai zauna da shi sau ɗaya a mako, za a kuma duba ci gabansa ranar 31 ga Mayu, ba sai ranar ƙarshe ba. Idan aka jera sharaɗi goma, ko aka kawo wanda ba shi da alaƙa da kuskuren da aka ambata, to alama ce hanyar rabuwa ake nema, ba gyara ba.

Daga ƙarshe takardar ta faɗi inda za a dosa. In ya cika sharuɗɗan, za a tabbatar da shi daga 1 ga Yuli. In bai cika ba, aikin na iya ƙarewa bisa notis ɗin da yarjejeniya da doka suka tanada. A Najeriya, wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mafi ƙarancin notis ɗinsa mako 1 ne. A kuma rubuta cewa albashi da sauran haƙƙoƙi suna nan yadda suke.

Takardar tabbatarwa ta fi gajarta, amma ita ma kada ta tsaya a "muna taya ka murna". Ta faɗi ranar da tabbatarwar ta fara, da muƙamin, da albashin, da tsawon notis daga yanzu. Idan an yi alkawarin ƙarin kuɗi bayan gwaji, a rubuta adadin da watan da zai fara.

Kai kuma ma'aikaci, idan an miƙo maka takardar, karanta ta a natse, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Ka sa hannu tare da kwanan watan da ka karɓa, ka riƙe kwafinka. Idan akwai dalilin da kake ganin ba haka ba ne, ka mayar da amsa a rubuce cikin ladabi. In abin ya gagara, ofishin sufeton ƙwadago a Nijar, ko ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharka a Najeriya, nan ake fara kai kuka.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.